Yadda Ake Mayar da Dogon Imel Saƙo Ɗaya Mai Buƙata Ɗaya

Dogon imel yakan samo asali ne daga wuri ɗaya: mutum ya fara rubutu tun bai yanke shawarar abin da yake so ba. Sai ya riƙa tunani a kan allo, yana zubo labari daga farkonsa, har sai ya kai sakin layi na biyar kafin buƙatar ta leƙo, ita ma a lulluɓe cikin "ko da zai yiwu" da "in ba damuwa". Wanda aka aika wa kuwa ya buɗe ne a waya, tsakanin wani taro da wani. Ya karanta layi uku, bai ga abin da ake so ya yi ba, ya ce zai dawo kansa anjima. Anjiman nan ba ta cika zuwa ba.

Gyaran ba wai a bi kowace jimla ana rage mata tsawo ba ne. In ka yi haka, za ka samu gajeren saƙo mai irin ruɗanin da dogon yake da shi. Aikin shi ne ka zaƙulo buƙatar, ka ɗora ta a sama, sannan duk sauran abin da ka rubuta ya zo ya kare kansa a gabanta.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata jami'a ce aka ɗora wa shirya horon ma'aikata na yini ɗaya, ta zauna ranar Litinin 6 ga wata ta rubuta wa shugaban sashenta wannan:

"Ranka ya daɗe, barka da warhaka, da fatan an shiga mako lafiya. Kamar yadda ka sani, tun watan jiya muke ta shirin horon ma'aikata da za a yi ranar Talata 14 ga wata. Da farko mun so mu yi a ƙaramin ɗakin taro, amma da aka ƙirga masu zuwa suka kai 30 sai muka ga ba zai ɗauke mu ba, muka koma babban zaure.

Na yi magana da masu kula da zauren har sau biyu. Sun ce majigin ciki yana ba da matsala amma za su duba. Sun kuma ce duk wanda zai canza rana sai ya sanar da su kafin ranar Alhamis ɗin nan, don akwai wasu da ke jiran layi.

Wani abin kuma, har yanzu sashen kuɗi bai saki kuɗin buga takardun horon ba, alhali na kai musu takardar tun makon jiya. Gaskiya wannan jinkirin nasu yana hana mu aiki, kuma ba wannan ne karo na farko ba.

Jiya mai horarwar ya kira ni ya ce tafiya ta kama shi, ba zai dawo ba sai Juma'a 17 ga wata. Na yi tunanin ko mu nemi wani, amma shi ne ya tsara darussan. Ko kuma ko za a iya ɗagawa zuwa 21, tunda na ga zauren babu kowa a ranar. Ban dai san yadda ka gani ba.

Sannan ina so in tuna maka maganar hutuna da muka fara kwanaki. Na gode, sai na ji daga gare ka."

Babu ƙarya a cikin wannan saƙo, babu rashin ladabi. Amma ka sa kanka a kujerar shugaban. Me zai amsa? In ya rubuta "To, babu laifi", ba a san ko ɗaga ranar ya amince da shi ba, ko neman wani mai horarwa, ko hutun. In kuma zai amsa komai, sai ya ware lokaci ya yi rubutu mai tsawo, wanda shi ne abin da ba shi da shi.

Fara da jimla ɗaya a wani wuri dabam

Kada ka taɓa daftarin tukuna. Buɗe sabon shafi, ko ka ɗauki takarda, ka cike wannan: ina so wane ya yi kaza kafin lokaci kaza. Abu uku ke nan, mutum da aiki da wa'adi, kuma duk wanda ya ɓace a cikinsu jimlar ba ta cika ba.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne aikin. "Ina so ya san halin da ake ciki" ba buƙata ba ce, labari ne. "Ina so ya duba lamarin" ita ma ba ta isa ba, don mutum zai iya dubawa ya yi shiru, kuma ya cika abin da ka roƙa. Aikin da ake nema shi ne wanda in an yi za ka gani da idonka: ya amince, ya sa hannu, ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ya turo fayil, ya ba da suna. Gwajin da na fi dogara da shi shi ne in tambayi kaina ko wannan mutumin zai iya amsa mini da kalma ɗaya ko layi ɗaya yana tafiya. In ba zai iya ba, ban gama tunani ba.

A misalinmu, jimlar ita ce: ina so shugaban sashe ya amince a ɗaga horon daga Talata 14 zuwa Talata 21, kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba 8. Lura da wa'adin. Masu zaure sun ce kafin Alhamis, don haka amsar shugaba dole ta iso ranar Laraba da sauran lokaci, yadda jami'ar za ta samu damar sanar da su kafin a tashi daga aiki. Wa'adin da za ka ba mai amsa naka ne, kuma dole ya riga na waɗanda kake jira ka kai wa amsar.

Wani lokacin za ka zauna ka kasa cike jimlar. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, ya nuna maka cewa abin da ke hannunka bai kai matsayin imel ba. Ko dai kana bukatar ka ƙara bincike, ko kuma maganar ta tattaunawa ce, sai ka ɗaga waya ko ka nemi minti goma a gana.

Rarrabe abin da ke cikin daftarin

Yanzu ka koma kan dogon saƙon ka bi shi jimla bayan jimla, kana sa wa kowace alama. Kashi huɗu suka ishe ka: buƙata, dalilin da mai karatu ke bukata kafin ya yanke hukunci, tarihin yadda aka zo nan, da kuma abin da ke cin ranka.

In ka yi wa saƙon jami'ar haka, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne buƙatun ba ɗaya ba ne. Akwai ɗaga rana. Akwai hutu. Akwai kuma wata ɓoyayya a cikin ƙorafin sashen kuɗi, don ba a kai wa shugaba irin wannan kuka sai ana fatan ya sa baki. Uku ke nan, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa. Mai karatu zai ɗauki wadda ta fi masa sauƙi ya amsa, sauran su bi ruwa, kai kuma ka rasa bakin sake tambaya tunda an riga an amsa maka.

Wacce za a zaɓa? Wadda wa'adinta ya fi kusa, kuma wadda wannan mutumin kaɗai ke da ikon yanke ta. Ɗaga rana ta cika duka biyun: saura kwana biyu, kuma babu mai iya amincewa sai shugaban sashe. Hutu zai iya jira, kuma ya cancanci nasa saƙon, da nasa taken, don ranar da za a neme shi a same shi. Maganar kuɗin buga takardu ma ba ta shugaban ba ce tukuna. Wurin jami'in kuɗi ya kamata ta fara zuwa, da tata tambayar: yaushe za a saki kuɗin? In ya yi shiru, sannan a hau sama.

Mutane kan ji nauyin aika saƙo uku maimakon ɗaya, suna ganin kamar damun mutum ne. Ni ban yarda ba. Gajerun saƙonni uku da kowanne ke rufuwa da amsa ɗaya sun fi sauƙi a kan mai karatu, kuma a nan ma biyu ne kacal za su je wurinsa, ba kuma rana ɗaya ba. Iyakar abin ita ce idan buƙatun a ɗaure suke da juna, yadda ba a iya amsa ɗaya sai da ɗayar. Misali, da a ce ɗaga ranar zai jawo ƙarin kuɗin haya, to amincewa da ranar da amincewa da kuɗin hukunci ɗaya ne, sai su tafi tare a jimla ɗaya.

Abin da zai zauna da abin da zai fita

Nan ne aikin ya fi ciwo, don abin da za a cire yawanci shi ne wanda ka fi shan wahala a kansa. Ga kowace jimlar da ta rage, tambaya ɗaya ce: in na cire wannan, amsar da zai bayar za ta iya canzawa? Ba wai ko gaskiya ce ba, ba wai ko tana da daɗin ji ba.

Labarin ƙaramin ɗakin taro da komawa babban zaure ya fita. An riga an wuce wurin, kuma ko shugaba ya sani ko bai sani ba, hukuncinsa ɗaya ne. "Na yi magana da su har sau biyu" ya fita, don aikinsa kawai shi ne nuna cewa jami'ar tana ƙoƙari. Matsalar majigi ta fita, tunda ko a 14 ko a 21 majigin nan dai shi ne, kuma ba shugaba ne zai gyara shi ba. Ƙorafin cewa "ba wannan ne karo na farko ba" shi ya fi kowanne cancantar fita. Imel ana tura shi gaba da danna maɓalli ɗaya, kuma saƙon amincewa da sauya rana irin wanda ake tura wa mutane da yawa ne. Kada ka rubuta a ciki abin da ba za ka so wanda kake kuka da shi ya karanta ba.

Abin da ya tsira kaɗan ne: mai horarwar ba zai dawo ba sai 17, shi ya tsara darussan, zauren babu kowa ranar 21, masu zaure na son amsa kafin Alhamis. Huɗu ke nan, kuma kowanne in ka cire shi shugaban zai dawo da tambaya.

Akwai kuma abin da ya kamata a ƙara, wanda dogon saƙon duk tsawonsa bai kawo ba. Shugaban zai so ya san ko mai horarwar ya tabbatar da 21, ko kuwa hasashe ne. Zai so ya san ko sauyin zai ci ƙarin kuɗi. Jami'ar ta ce "na ga zauren babu kowa", amma gani a jadawali dabam, tabbaci daga masu zaure dabam. Kafin ta aika, sai ta kira mutum biyun nan ta tabbatar. Minti biyar ɗin da za ta kashe ya fi mata a kan saƙo ya je ya dawo sau biyu alhali wa'adi na ƙaratowa. Wannan shi ya sa nake cewa gajarta ba ita ce manufa ba. Saƙon da ya yi gajarta har sai an tambaye ka "wane zaure?" ko "nawa zai ci?" ya gaza kamar yadda dogon ya gaza.

Jera shi daga hukunci zuwa dalili

Mun saba ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, shi ya sa buƙata ke zuwa a ƙasa. Saƙon aiki juya shi ake yi. 'Yan jarida sun daɗe da wannan tsari, inda sakin layin farko ke ɗauke da gundarin labari, bayani ya biyo baya gwargwadon muhimmancinsa, ta yadda duk inda mai karatu ya tsaya ya riga ya samu abin da ya fi muhimmanci. Ƙa'idar rubuta wasiƙu ta rundunar sojan ƙasa ta Amurka ma ta tanadi a sa babban batu a farkon takarda. A imel akwai ƙarin dalili na zahiri: a akwatin saƙo, musamman a waya, abin da ake gani kafin a buɗe shi ne sunanka, da take, da 'yan kalmomin farko na saƙon. In waɗannan kalmomi duk gaisuwa ce, ka ba da wurin da ya fi kowanne tsada a banza.

Ba cewa nake a yar da gaisuwa ba. Layi ɗaya ya wadatar, sai buƙata ta biyo nan take. Ga yadda saƙon ya koma:

"Ranka ya daɗe, barka da warhaka.

Ina neman amincewarka a ɗaga horon ma'aikata daga Talata 14 zuwa Talata 21 ga wata. Ina roƙon amsarka kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba 8, domin masu kula da babban zaure za su ba wasu ranar idan ba su ji daga gare mu kafin Alhamis 9 ba.

Dalili shi ne mai horarwar, wanda shi ya tsara darussan, ya yi tafiya kuma ba zai dawo ba sai Juma'a 17. Ya tabbatar mini zai samu zuwa ranar 21, masu zaure ma sun tabbatar babu kowa a ranar, kuma babu ƙarin kuɗi.

Idan ka fi son a bar shi a 14, sai mu nemi wani mai horarwa, amma zai samu ƙasa da mako ɗaya ne ya shirya. Shawarata a ɗaga. Da zarar ka amince zan sanar da mutum 30 ɗin da za su halarta.

Na gode."

Dubi abin da ya faru da "ban dai san yadda ka gani ba". Ta koma "shawarata a ɗaga". Wasu na ɗauka cewa faɗin ra'ayi a gaban na sama shisshigi ne, sai su jera masa zaɓi su ja da baya. Amma wanda ya fi kusa da aikin shi ya fi sanin wanne ya fi, kuma ɓoye wannan sani ɗora wa shugaba aikin da ba nasa ba ne. Ladabin yana nan a cikin "ina neman amincewarka" da "idan ka fi son", kuma ikon yanke hukunci bai bar hannunsa ba. Abin da aka cire kawai shi ne kewaye-kewaye. Kalmar roƙo ɗaya ta isa. In ka tara "ko da", "wataƙila", "in zai yiwu" da "ba dole ba ne" a jimla guda, mai karatu zai ɗauka kai ma abin bai dame ka ba.

Dubi kuma ranakun. Babu "Alhamis ɗin nan" ita kaɗai, babu "mako mai zuwa", babu "da gaggawa". An haɗa sunan rana da kwanan wata, saboda ba ka san ranar da za a buɗe saƙon ba, kuma "gobe" tana canza ma'ana da wayewar gari. In wanda kake rubuta wa yana wata ƙasa, ka faɗi agogon da kake nufi. An kuma faɗi dalilin wa'adin, wanda shi ke bambanta shi da matsin lamba: mutum ya fi saurin amsawa idan ya ga abin da za a rasa in ya yi jinkiri.

Take da sunayen masu karɓa

Taken, wato gurbin Subject, a ƙarshe ake rubuta shi, bayan an san abin da saƙon ya ƙunsa. "Horon ma'aikata" ba ya gaya wa kowa komai. "Neman amincewa kafin Laraba 8: ɗaga horo zuwa 21" ya faɗi aikin da wa'adin, kuma an sa muhimman kalmomin a gaba saboda waya tana datse ƙarshen dogon take. Idan a cikin tsohuwar zaren hira kake, kuma batun ya sauya, fara sabon saƙo. Buƙatar da aka cusa a amsa ta goma sha biyu ƙarƙashin tsohon take ba ta cika samun mai gani ba.

A gurbin To, sa mutum ɗaya, wanda zai yanke hukuncin. Waɗanda sani kawai ya kamace su su tafi Cc. In ka jera mutum biyar a To ka ce "a taimaka a duba", kowa zai ɗauka wani zai amsa. Idan dole ne mutane da yawa su gani, ambaci sunan mai aikin a cikin jimlar buƙatar. Dogon bayanin da kake ganin wani zai iya nema, kamar jadawalin darussa, ka liƙa shi a matsayin fayil ka ambace shi da layi ɗaya, amma kada ka ɓoye buƙatar ko dalilinta a cikin fayil, don da yawa ba za su buɗe ba.

Kafin ka danna Send

Rufe komai da hannu ka bar take da jimloli biyun farko. In daga su kaɗai mutum zai san abin da ake so ya yi da lokacin da ake so, saƙon ya tsaya da ƙafarsa. Sannan ka ƙirga alamomin tambaya da kalmomi irin su "sannan kuma" da "wani abin kuma", domin ta nan buƙata ta biyu ke sake saɗaɗowa bayan an kore ta. Ka duba kwanan wata da kalanda, tunda Talata 14 da ta zama Laraba 14 za ta jawo maka amsar da ba ita kake nema ba. In Gmail kake amfani da shi, akwai maɓallin Undo da ke fitowa bayan aikawa, kuma a saituna ana iya tsawaita lokacinsa daga daƙiƙa 5 har zuwa 30, wanda ya isa ka janye saƙon da ka manta ba ka liƙa wa fayil ba.

Amsar da ta dawo ita ke nuna maka inda saƙon ya yi rauni. In aka ce "me kike so in yi?", buƙatar ba ta fito ba. In aka dawo da tambayar bayani, ka yanke abin da bai kamata ka yanke ba. In aka amsa wani gefen maganar, buƙata ta biyu ta tsira a ciki. In kuma shiru aka yi har safiyar Laraba, kada jami'ar ta sake rubuta labarin daga farko. Ta amsa a kan saƙon nata na farko, yadda bayanin zai kasance a ƙasa, da layi biyu: "Ranka ya daɗe, tuni ne kan ɗaga horo zuwa 21. Ina bukatar amsarka kafin ƙarfe 12 na yau don in sanar da masu zaure." Idan sha biyu ta matso babu amsa, ta bar imel ta kira shi a waya, sannan ta aika layi ɗaya a rubuce mai tabbatar da abin da ya faɗa.